Sunan Da Yaya Barakatu Ba Ta Faɗa

Shekara talatin da ɗaya Yaya Barakatu ta yi a gidan mijinta, ban taɓa jin sunansa ya fito daga bakinta ba, ni kuwa a ɗakinta na tashi. Malam take cewa. In ya faranta mata, Malam. In ya ɓata mata rai, Malam ɗin nan. Ko yaron maƙwabta aka raɗa wa sunan, ita dai Mai Sunan Malam za ta kira shi har ya yi gemu. Sunan kuwa Ubaidullah ne. Ni Murja zan iya faɗa, tunda ƙanwarta ce ni, ba mijina ba ne.

A Utai aka haife mu, ita babba ni auta. Da aka kawo ta Wudil sai ta taho da ni don in yi makaranta, na yi kuwa, har na zama mai buga tafireta a sakatariyar ƙaramar hukuma. Malam Ubaidullah aikin babbar riga yake yi. Shi ke zana aska biyu da aska takwas a jikin shadda, ya bi da allura da zare. Yaya ta fara da riƙe masa zare, ta koma cike masa ƙananan gurare, kafin a ankara hannunta ya fi nasa sauri, shi kuma bai taɓa jin haushin hakan ba, shi ne ma mai yi mata talla a majalisa. Da aiki ya yi yawa ta shiga koya wa mata. Na unguwa suka fara, sannan na Dagumawa da Kausani da garinmu Utai. Duk Alhamis su zo su kawo wanda suka gama, su karɓi sabon zane da zare su koma. Tsakar gidan nan kuwa kullum igiya uku ce cike da zare, fari da ruwan ƙasa da shuɗi.

Da wayar hannu ta iso Wudil, a nan aka san Yaya da gaske. Wallahi matar nan in ta ɗauki waya sai ka saki baki. Turancinta bai fi cikin cokali ba, Yarabancinta na gaisuwa ne da ciniki, amma da su take riƙe da masu shaguna a Legas da Abuja har da wani Alhaji a Kumasi. Ta san wanda matarsa ta haihu, ta san wanda ciwon ƙafa ya dame shi, sai ta gama tambayar duk wannan sannan a zo maganar riga. Da Malam ya rasu a dubu biyu da takwas mutane suka ce aiki ya mutu. Tana fita takaba ta kunna wayarta, aiki ya ci gaba. Wayar nan ita ce ofishinta, a ɗaure take a bakin zaninta, ko wanka za ta shiga sai ta ajiye ta inda za ta ji ƙararta.

A dubu biyu da sha biyu aka yi wa aikin rajistar kamfani. Autarta Safiyya ce ta matsa, wadda ta karanta kwamfuta a jami'ar nan ta Wudil, kuma ta dawo gida da kai cike da dabaru. A takardar rajista an rubuta Ubaidullah Embroidery Nigeria Limited, babu wanda ya ja. Sai ga kasuwar baje koli ta Kano ta matso, an ba su rumfa, Safiyya ta ce dole a buga kati, kuma kamfani ba ya zama da adireshin imel na kyauta irin nata. Ta san abin da take faɗa. An taɓa yin wata mai shago a Abuja da ta turo hotunan rigunan da take so, ta rubuta Safiyya da y ɗaya maimakon biyu, Allah kaɗai ya san akwatin wa saƙon ya faɗa, mu dai ba mu gan shi ba, matar ta yi fushi ta ce an raina ta. Don haka za a sayi suna a intanet, na kamfani na kansa, wanda shafi zai zauna a kai, imel ma ya rataya a jikinsa. Mai buga kati ya ce ranar Asabar yake son komai.

Aka zauna ranar Laraba bayan la'asar a tsakar gida, mu huɗu: Yaya, Safiyya da kwamfutarta a cinya, ni, da Sabo ƙanin marigayi, wanda ke kai riguna Kantin Kwari. Sabo mutumin kirki ne, kada a ce na ɓata shi. Malam ne ya rene shi tun yana shekara bakwai, ya yi masa aure, kuma har yau in an ambaci yayan nasa sai idonsa ya kawo ruwa. Illarsa ɗaya, in ya kafe a kan abu ko jaki ya san da zamansa. Ya zaro takarda daga aljihu, ya riga ya rubuto sunan tun daga gida da manyan baƙaƙe: UBAIDULLAH & SONS - EMBROIDERY.

Na ce masa Sabo, waɗanne sons? 'Ya'yan Malam huɗu ne, duk mata. Ya ce haka ake rubutawa a allon kamfani. Na ce to a allon kamfanin masu 'ya'ya maza ba.

Safiyya ta raba mu, ta yi mana bayani a hankali, don ita ba ta gaji zafin raina ba. Ta ce sunan intanet ba allon shago ba ne. Ba ya ɗaukar tazara tsakanin kalmomi, ba ya ɗaukar alamar nan ta &, gurbin da ake rubutawa ma haruffan boko zalla yake karɓa da lambobi da ɗan karan nan da ake cewa dash. Babban baƙi da ƙarami duk ɗaya ne a wurinsa. Sannan ta faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai. Wasiƙar gidan waya, ko an karkace suna, ma'aikaci ya san gidan zai kawo. Wannan kuwa babu ma'aikaci. Harafi ɗaya ya kauce, ko dai saƙo ya koma wa mai shi, ko ya tafi wurin wani can daban in akwai mai irin sunan. Kuma in an saya an saya, ba a gogewa a gyara, sai dai a sayi wani sabo, katin da aka buga kuma ya zama na fifita.

Sabo ya haƙura da sons da dash, amma ya ce Ubaidullah kam yana nan daram. Safiyya ta ce to a gwada. Gwajin nata shi ne a kira mutum goma a waya, a faɗa musu adireshin sau ɗaya ba tare da an jero haruffa ba, su rubuto abin da suka ji ta tes. Ita ta kira biyar, Sabo ya kira biyar. Muna zaune amsoshi suka fara shigowa. Wani ya ƙara i a ƙarshe. Wani ya sa y a tsakiya. Wani l ɗaya, wani babu h. Mai shagon Legas ya fara nasa da O. Wani bawan Allah bai wahalar da kansa ba, Abdullahi kawai ya rubuto. Biyu ne suka dace da sunan, su ma suka faɗi a embroidery, wadda ni da na shekara ashirin ina buga takarda sai na tsaya na yi tunani kafin in rubuta ta. Muka yi ta dariya har Safiyya na riƙe ciki.

Sabo bai yi dariya ba. Ya ce ai abu mai sauƙi ne, duk wanda ya kira a jero masa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Safiyya, don ta nuna masa wahalar hakan, sai ta miƙa wa uwarta takardar ta ce, "Umma, ke kike amsa waya. Kira Alhajin Kumasi ki karanta masa mu ji."

Yaya ta karɓi takardar. Ta iya karatun boko daidai gwargwado, ta yi yaƙi da jahilci. Ta dube ta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ninke ta biyu ta ajiye a kan tabarma, ta jawo wata riga ta ci gaba da aikinta.

A nan ne kaina ya waye, kunya ta kama ni. Mu uku, da mai digiri da mai tafireta da ɗan kasuwa, mun shafe sa'a biyu muna gardama a kan sunan da mai kamfanin ba za ta iya furtawa ba. Mun saba jin Malam, Malam, har mun manta akwai abin da ake kauce wa. Ita kuma ba za ta buɗe baki ta ce ga dalili ba, faɗar dalilin ma ai wata rashin kunyar ce. Sabo bai gane ba tukuna. Da zuciya ɗaya ya ce ba komai, in karatun ne ke yi wa Yaya wuya, duk mai son adireshi a haɗa shi da shi, ko ma a sa lambarsa a katin.

To fa, nan na tashi. Na ce masa yau an miƙa maka waya don adireshi, gobe mutum ya kira ka kai tsaye don riga, jibi a manta da muryar matar da ta tara mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Na ce shekara nawa kake gidan nan, ka taɓa ji ta faɗi sunan? So kake ta fara yau, da furfurarta, a kunnen wani ƙato a Kumasi, har tana jero masa haruffa? Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba, na ba shi haƙuri a kansu daga baya.

Sabo ya juya ya ce da Yaya, "Wallahi ban yi nufin karɓe miki komai ba. Amma Yaya, shi ke nan sai a share sunansa? Shi ya kafa allurar nan."

Ta ɗago ta ce, "Ba a share shi ina raye." Ta mayar da kai kan rigarta. Aka kira magariba, taro ya watse babu matsaya.

Tsaka mai wuya kenan. In an sa sunan, waya ta bar hannun Yaya. In an cire, ita da kanta ba za ta yafe wa kanta ba, balle dangin miji.

Washegari Alhamis na nemi izini a ofis na dawo da hantsi. Na tarar da Safiyya ta cika takarda da sunaye, tana bi tana kashewa. Ɗinkin Wudil ya faɗi, saboda babu ɗ mai lanƙwasa a wurin, wasu za su rubuta d zalla, wasu kuma su sa mata ɗan waƙafi a gaba yadda ake yi a tes. Aska takwas ya yi mata daɗi, sai na ce rabin mutane lamba 8 za su buga. Babbar riga kuwa ga b biyu a tsakiya, ga r biyu sun haɗu inda kalmomin suka manne, kowa zai jefar da ɗaya. Yaya tana gefe tana duba aikin matan da suka fara isowa, kamar ba ta jin mu.

Can sai ta dubi wata mata, Yelwa, sabuwar zuwa daga Kausani, ta tambaye ta ranar da ta fara zuwa yaya aka yi ta gane gidan. Yelwa ta ce ai da ta sauka a tasha cewa ta yi da ɗan acaɓa ya kai ta gidan zare, bai ko tambaya ba. Yaya ta juya ga ta Dagumawa, ita ma ta ce gidan zare. Ta Utai ta ce su a can ko yaro ka aika haka zai ce. Mata goma sha ɗaya ta tambaya, ɗaya bayan ɗaya, tana duba bakin aljihun riga tana tambaya. Sannan ta ce da Safiyya, "Auta, sunan da ɗan acaɓa bai ɓata da shi ba, na'urarki ma ba za ta ɓata ba. Duba mini shi."

Safiyya ta rubuta gidanzare ta tsaya tana ƙirgawa da yatsa. Harafi tara, babu mai lanƙwasa, babu mai ninki, babu lamba, babu dash, kuma yadda ake faɗarsa haka ake rubuta shi. Ta soka modem, muka jira sabis ya ga dama, ta buga a wurin masu rajista. Babu wanda ya riga mu, na com.ng a buɗe, na com ma a buɗe. Ta ce duka biyun za a ɗauka a haɗe su, don wanda ya manta ng ɗin ya iso gida shi ma. Ta kuma ce da sunan kamfani za a yi rajistar, ba da sunanta ko na wani mai shagon intanet ba, a rubuta ranar sabuntawa a bango, don duk shekara ake sabuntawa, in aka yi sake wani ya ɗauke.

Saura abin da zai zo kafin alamar nan ta a mai zagaye. Safiyya ta ce kamfanoni info suke sawa. Na ce mata ta ji tsoron Allah, mu Kanawa da f da p a bakinmu 'yan gida ɗaya ne, Bayarabe zai ji uwarta ta ce info ya rubuta impo. Barakatu ma ba ta tsira ba, akwai Baraka akwai Barakat. Yaya ta ce me ake sayarwa a gidan? Riga. Shi ke nan, riga@gidanzare.com.ng. Safiyya ta ce za ta buɗe info ɗin ma a gefe, duk wanda ya yi kirdado da shi saƙonsa ya zubo akwati ɗaya.

Wannan karon Yaya ce ta yi gwajin da bakinta. Ta kwance waya daga bakin zani ta kira mutum goma, kowanne sai da ta gaishe shi da iyali da gajiya, ta tambayi mai jego, har Safiyya ta fara kallon katin waya da tausayi. Tara suka rubuto daidai, har da na Legas. Na goman Sabo ne, da ta kira shi yana Kano bai san me ake ciki ba, shi ne ya soka dash a tsakiya. Matan nan suka yi ta shewa, Yelwa ta rangaɗa guɗa sai ka ce ranar suna.

Ni dai murnata rabi ce, don na san Sabo na tafe. Ya iso bayan Juma'a, ana cikin hayaniyar kasuwar shanu, ya zauna a bakin tabarma fuska a ɗaure. Ya ce ya ji an zaɓi suna, Allah ya sa alheri, shi ba shi da ta cewa. Safiyya ba ta yi masa gardama ba. Ta ce, "Baffa, na aika wa kaina wasiƙar farko daga kamfani. Zo ka ga yadda take isa wurin mutane." Ta juya masa kwamfutar.

A layin da ke nuna wanda ya aiko, da baƙaƙe masu kauri, an rubuta Ubaidullah Embroidery. Ta bayyana masa cewa adireshi daban, sunan mai aikowa daban. Adireshi shi ne wanda baƙo zai ji da kunne ya buga da hannunsa, shi ya sa ake son gajere. Sunan mai aikowa kuwa sau ɗaya ake rubuta shi a nan gida, daga nan duk wasiƙar da ta fita da shi za ta fita, babu mai taɓa shi balle ya karkata shi. Haka zai zauna a saman shafi, haka a saman kati. Ta ce da an sa shi a adireshi, kullum sai an sami mai yanke wa Baba harafi ko ya mayar da shi Abdullahi.

Sabo ya sa yatsa a jikin gilashin yana bin haruffan, ya tabbatar l biyu ce, h tana nan. Ya share ido da hannun riga ya ce a ƙara masa girma a katin. Na ce ai in aka biye maka sai katin ya kai faranti. Ya yi dariya, karo na farko tun Laraba, ya ce ni dai ba a raba ni da baki. Yaya ta leƙo ta bayan kafaɗarsa ta dubi sunan. Na kalli leɓenta, ko motsi bai yi ba, amma fuskar nan tata ta cika da fara'a har kunne.

An buga kati ranar Asabar, an yi baje koli, mun raba su har suka ƙare. Bayan kamar mako biyu ina gidan da yamma, muna tsinke zare, wayarta ta yi ƙara. Wani ne daga Ilori, bai taɓa saye a wurinmu ba, abokinsa ne ya ba shi lambar, yana son ya turo hoton rigar da yake so a yi masa irinta. Yaya ta gaishe shi da Yarabancinta, ta faɗa masa adireshin sau ɗaya, a nutse, ba ta nemi kowa ya taimaka mata ba. Kafin mu gama ƙullin da ke hannunmu Safiyya ta leƙo daga ɗaki ta ce hoto ya iso, har ta ba shi amsa.

Sai ga mutumin ya sake kira. Ya ga amsar, ya ga sunan da ke samanta, yana son ya tabbatar bai yi ɓatan kai ba. Muna jin muryarsa ta cikin wayar yana tambaya da Hausarsa ta 'yan kasuwa ko nan ne wurin Ubaidullah.

Yaya ta gyara zama, ta sauya wayar zuwa ɗaya kunnen.

"Nan ne," ta ce. "Gidansa ka kira. Matarsa ce ke magana."